Haɗa Alƙaluma da Hira a Bincike Ɗaya: Yadda Za Ka Kafa Hujja, Ka Nuna Mahaɗa

Ɗalibin da ya rubuta a babi na uku na kundinsa cewa zai raba takardun tambayoyi, kuma zai yi hira da mutane, ya shirya wa tambayoyi biyu ranar kare kundi. Mai jarrabawa zai ce masa: "Me ya hana hanya ɗaya ta wadatar da kai?" Sannan ya ƙara da cewa: "Nuna mini shafin da hanyoyin biyu suka haɗu." Amsar da aka fi ji ita ce wai haɗa hanya biyu yana ƙara wa bincike ƙarfi. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa, domin za ta dace da kowane kundi a duniya, alhali ana tambayarka ne game da naka.

Matsalar ba ta tsaya ga ɗalibai ba. A shekarar 2006 Alan Bryman ya duba maƙalu 232 na kimiyyar zamantakewa waɗanda suka haɗa hanyoyin biyu, ya tarar sau da yawa dalilin da marubuta suka bayar daban, abin da suka aikata a cikin aikin daban. Shawarata ita ce ka rubuta hujjarka yadda za a iya bin sawunta daga babi zuwa babi. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe.

Fara da giɓin da hanya ɗaya za ta bari

Mu ƙaddara kana nazarin matan da suke zuwa awon ciki a wata ƙaramar hukuma, amma idan haihuwa ta zo sai su haihu a gida. Takardar tambayoyi da ka raba wa mata 400 da suka haihu cikin shekara biyu da suka wuce za ta gaya maka yawan waɗanda suka haihu a gida, da yadda hakan yake da alaƙa da nisan asibiti, da ilimin mace, da yawan haihuwar da ta yi a baya. Ba za ta gaya maka abin da ya faru a daren da naƙuda ta tashi ba: wa aka tasa, wa ya yanke shawara, me aka tsorata. Hira da mata ashirin za ta ba ka wannan labari, sai dai ba za ka san ko na mutum ashirin ne kaɗai ko na gari guda ba.

Hujjarka ke nan, kuma jimla uku sun ishe ta. Ta farko ta faɗi abin da alƙaluma za su amsa. Ta biyu ta faɗi abin da za su bari a buɗe. Ta uku ta faɗi yadda hira za ta rufe shi. Ga yadda za ka iya rubutawa: "Takardar tambayoyi za ta nuna waɗanne mata ne suka fi haihuwa a gida. Ba za ta bayyana dalilin da ya sa mace mai zuwa awo, wadda asibiti ke kusa da ita, take haihuwa a gida ba. Saboda haka za a zaɓi wasu daga cikin waɗanda suka amsa tambayoyin a yi hira da su, domin a fahimci yadda aka yanke shawarar."

Daga nan ka kira manufarka da sunanta. A shekarar 1989 Jennifer Greene da Valerie Caracelli da Wendy Graham sun nazarci ayyuka 57, suka fitar da manufofi biyar na haɗa hanyoyi: tabbatar da sakamako ta fuska biyu, ƙarin haske a kan sakamako, gina wata hanya da sakamakon ɗayar, neman saɓani domin a taso da sabuwar tambaya, da faɗaɗa fagen bincike. Kada ka jera duka biyar ɗin ka ce naka ne. A misalinmu biyu ne suke aiki: hira tana ƙara haske a kan alƙaluma, alƙaluma kuma su ne suke gina hirar. Idan ka rubuta cewa manufarka tabbatarwa ce, za a nemi ka nuna inda ka auna abu ɗaya ta hanya biyu, kai kuwa ba haka ka tsara ba.

Tsarin ya bi hujjar

John Creswell da Vicki Plano Clark sun kasa tsare-tsaren zuwa manya uku. Akwai wanda ake tattara bayanan biyu lokaci ɗaya a kwatanta su, akwai wanda hira ke gaba domin a gina takardar tambayoyi da abin da aka ji, akwai kuma wanda alƙaluma ke gaba hira ta biyo ta yi bayani. Namu na ukun ne, tunda sai an ga sakamakon kafin a san abin da ke buƙatar bayani. A taƙaice ana rubuta shi da alamar da Janice Morse ta fito da ita a 1991:

```
QUAN → qual
```

Kibiyar tana nufin ɗaya na bin ɗaya, manyan baƙaƙe kuma suna nuna ɓangaren da ya fi nauyi. Ka faɗi dalilin jerin, ka faɗi dalilin nauyin, kowanne a jimla ɗaya. Sannan cikin tambayoyin bincikenka ka sa guda ɗaya wadda ba ta amsuwa sai da ɓangarorin biyu, kamar: "Ta yaya labarin matan ya bayyana alaƙar da aka gani tsakanin zuwa awo da wurin haihuwa?" Kundin da ba shi da irin wannan tambaya yakan zama ɗaki biyu ba ƙofa a tsakani.

Mahaɗa ta farko: wa za a yi hira da ita

Michael Fetters da Leslie Curry da John Creswell sun nuna a 2013 cewa haɗuwa tana faruwa a matakin tsari, da matakin tattara bayanai, da matakin fassara sakamako. A matakin tattarawa, abin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓen mutane. Mu ce lissafinka ya nuna nisa yana da tasiri, kamar yadda aka zata, amma akwai mata da yawa da ke kusa da asibiti, sun je awo sau huɗu ko fiye, kuma sun haihu a gida. Sai ka kasa waɗanda suka amsa gida huɗu: na kusa da suka haihu a gida, na kusa da suka haihu a asibiti, na nesa da suka haihu a gida, na nesa da suka haihu a asibiti. Ka ɗauki biyar ko shida a kowane gida, ka ƙara yawa a gidajen da suka saɓa wa zato, wato na farko da na huɗu, domin bayanin yana wurinsu.

Wannan ba zai yiwu ba sai ka shirya tun farko. Kowace takarda ta ɗauki lamba, a ajiye sunaye a wani wuri daban a killace, kuma a ƙarshen takardar a tambayi mace ko ta yarda a sake dawowa wurinta. Ka sanar da kwamitin ɗa'ar bincike wannan tun a takardar neman izini. Wanda bai yi haka ba sai ya koma yin hira da duk wanda ya samu a bakin asibiti, kuma daga nan igiyar da ta ɗaure ɓangarorin biyu ta tsinke.

Mahaɗa ta biyu: me za a tambaye ta

Tambayoyin hira su fito daga sakamakon lissafi. Ka rubuta sakamako ɗaya, ka rubuta tambayar da ya haifar a gabansa. Idan ka ga masu haihuwa ta biyar zuwa sama sun fi zama a gida, ka tambaya: "Me ya bambanta wannan haihuwar da ta fari?" Idan awo bai kai mace ɗakin haihuwa ba, ka ce: "Ba ni labari tun daga lokacin da kika fara jin ciwo har aka yanke cibi." Saboda haka a matakin gabatar da tsari, daftarin tambayoyin hira kawai za ka iya bayarwa. Ka faɗi hakan a fili, ka bayyana cewa za a kammala su bayan lissafi.

Mahaɗa ta uku: jadawali ɗaya

Bayan ka gabatar da sakamakon kowane ɓangare, ka haɗa su a jadawali mai ginshiƙi huɗu: abin da alƙaluma suka nuna, abin da hira ta nuna, yadda suka dace, da abin da ka fahimta daga haɗuwarsu. A ginshiƙi na uku ɗayan abu uku za ka rubuta: sun tabbatar da juna, ɗaya ya faɗaɗa ɗaya, ko sun saɓa. Layi ɗaya zai iya zama haka: alƙaluma sun nuna na kusa ma suna haihuwa a gida, a hira matan sun ce sun ɗauki awo a matsayin duba ko akwai matsala, idan an ce lafiya lau sai a kira ungozoma, dacewar faɗaɗawa ce, abin da aka fahimta shi ne kalmar "lafiya lau" a wurin awo ana jin ta kamar izinin zama a gida. Wannan ginshiƙi na huɗu shi ne ribar aikinka, kuma daga shi babin ƙarshe zai ɗauki shawarwarinsa.

Idan suka saɓa

Mu ce a takarda kaɗan ne suka ce kuɗi ya hana su, amma a hira kusan kowa ta ambaci kuɗi. Kada ka ɓoye wannan, kada kuma ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Koma ka duba yadda aka yi tambayar. Wataƙila ka tambayi kuɗin asibiti ne, su kuwa suna maganar kuɗin mota da dare da kayan da ake cewa a zo da su, irin su safar hannu da auduga da sabulu. Duba ko maigida ko uwar miji suna zaune lokacin da aka cike takardar, domin mace ba za ta so ta ce babu a gabansu ba. Duba kuma ko waɗanda suka yarda da hira sun bambanta da sauran a wajen abin hannu, tunda kana da lambobinsu. Abin da ka gano ka rubuta shi a matsayin sakamako.

Iyaka biyu ka kiyaye. Kada ka fitar da kaso cikin ɗari daga mata ashirin da ka zaɓa da gangan, domin ba a zaɓe su don su wakilci gari ba. Sannan ka lissafa lokaci da gaskiya: hira ba ta farawa sai an gama lissafi, kuma rubuta hirar awa ɗaya kalma bayan kalma yana cin awoyi da dama, kafin a zo fassara ta daga Hausa. Idan watannin da suka rage maka ba za su ɗauki wannan ba, gara hanya ɗaya da aka yi da kyau.

Kafin ka miƙa wa malaminka babin, yi wannan gwaji. Cire ɓangaren alƙaluma a zuciyarka, ka duba ko mutanen da ka yi hira da su da tambayoyin da ka yi musu za su canza. Sannan cire hirar, ka duba ko shawarwarin babin ƙarshe za su canza. Idan duka biyun sun canza, rubuta lambobin shafukan da hakan ya bayyana, ka riƙe su a hannu ranar kare kundi. Idan babu abin da ya motsa, koma kan jimlolin nan uku na hujja, domin gyaran daga can zai fara.