Yadda Ake Samun Mai Ɗora Ka a Hanya a Kasuwar Hatsi, Ba Tare da Ka Zame Masa Nauyi Ba

Shawarar da ake yawan ba matashin da ke son shiga harkar hatsi ita ce, "Je ka Dawanau ka sami wani babban Alhaji ka ce ya riƙe ka." Wannan shawara ta rufe wa yara da yawa ƙofa tun kafin su buɗe baki. A wajenmu, idan ka ce wa mutum ya zama ubangidanka, ba ilimi kaɗai ka roƙa ba. Abin da zai ji shi ne abincin ranarka, kuɗin motarka, rashin lafiyar mahaifiyarka, aurenka, sannan jarin da zai sallame ka da shi bayan shekaru. Yana da yaran shago da suka riga ka, yana da 'ya'yan 'yan'uwa da ke jiran layi. Ba zai ce maka a'a ba, don manyanmu ba sa son faɗin wannan kalma. Zai ce "to, sai na neme ka," kuma ba zai neme ka ba.

Abin da kake bukata ya fi wannan sauƙi: mutumin da ya san harkar, wanda zai ba ka minti biyar sau ɗaya ko biyu a wata, ya hana ka faɗawa rami. Ga yadda ake samunsa.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema. "Ina son kasuwancin hatsi" ba magana ba ce. Ajiyar wake daga kaka zuwa bazara daban, sarin masara daga kasuwannin ƙauye daban, tara riɗi da zoɓo ga masu fitarwa waje daban. Zaɓi ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓen mutum. Kada ka nufi wanda sunansa ya fi amo a kasuwa. Wanda ke loda tirela goma a mako ya daɗe da manta yadda ake juya buhu ashirin, kuma ƙofarsa cike take da masu bukata. Nemi wanda ya wuce ka da shekara bakwai zuwa goma, mai sito ɗaya ko biyu, wanda har yanzu yake zura hannu cikin buhu da kansa. Ka tambayi 'yan dako da masu awo game da shi, domin su suka san wanda ke biyan haƙƙi a kan lokaci da wanda kwanonsa ke da matsala. Ka kuma duba yaransa na baya. Idan akwai biyu ko uku da suka tashi a hannunsa yanzu suna cin gashin kansu, kuma har gobe suna zuwa gaishe shi, ka sami mutuminka. Idan yaro ya yi shekara da shekaru a shagonsa bai san a ina ake saro kayan ba, wannan mai ɓoye sani ne, bar shi.

Mataki na uku: wani ya kai ka. Zuwa da kai ya fi saƙo, gaskiya ne, amma a karon farko ka bi bayan wanda yake jin nauyinsa: kawunka, limamin masallacinsu, ko wani tsohon abokin cinikinsa. Ka roƙi mai kai ka ya faɗa tun a gabanka cewa ba kuɗi ko aiki ka zo nema ba, shawara ce kawai. Wannan jimla guda ita ke sa mutum ya saki jiki. Idan mace ce ke nema, akwai Hajiyoyi masu ajiyar hatsi da suka ga jiya suka ga yau, kuma zuwa ta hannun wata babba a dangi ya fi sauƙi ga kowa.

Mataki na huɗu: lokaci. Da safe har zuwa azahar ana sauke kaya, ana lodi, ana ciniki, waya tana ta ƙara. Kada ka je. Bayan la'asar, idan kasuwa ta fara lafawa, shi ne lokacinka. Tsakiyar kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kansa a ɗaure yake, don haka tambayoyinka na kaka ka kai su tun watan Agusta ko Satumba. Ka guji goman ƙarshe na azumi, lokacin da masu neman zakka ke cika ƙofarsa, kada a lissafa ka cikinsu. Kuma kada ka tare shi a bakin masallaci yana ƙoƙarin sa takalmi.

Mataki na biyar: tambayar kanta. A nan kusan kowa ke ɓata rawarsa da tsalle, shi ya sa zan tsaya a kai.

Tambayar da ke gajiyar da mutum ita ce wadda ta ɗora masa dukkan aikin tunani. "Alhaji, ina da 'yan kuɗi, me kake ganin zan saya?" Don ya amsa wannan, sai ya tambaye ka nawa ne, naka ne ko na bashi, ina za ka ajiye, yaushe kake bukatar kuɗin. Rabin sa'a ya tafi. Bayan haka kuma, idan ya ce sayi masara farashi ya karye, kamar yadda ya karye a 2025 har masu ajiya da yawa suka tafka asara, shi za ka riƙa kallo da laifi. Ya san da haka, shi ya sa zai ba ka amsa mai santsi: "Kasuwa ai ta Allah ce."

Tambaya mai kyau ita ce wadda ka riga ka yi mata wahala, ka rage masa hukunci kawai. A ɗauka kana son ajiye wake buhu goma. Kafin ka je, ka yi mako biyu kana zagaya kasuwa kana rubuta farashin kwano da na buhu. Ka san buhun da ake maganarsa kwano arba'in ne ko ƙasa da haka. Ka san bambancin kanannado da ɗan ila a ido. Ka tambayi kuɗin dako, la'adar dillali da hayar sito daga wurin yaran kasuwa, waɗannan ba sai babban mutum ya gaya maka ba. Sannan ka ƙulla ɗan wake a leda ka je. Bayan gaisuwa sai ka ce:

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambaya ɗaya ce, ba zan tsayar da kai ba. Wake buhu goma nake son ajiyewa zuwa bazara, kuɗin nawa ne, ba na bashi ba. Ga samfurin. Ina tsakanin in sa shi a buhun PICS ko in zuba masa magani a buhun da aka saba. Ni na fi karkata ga PICS. Ko akwai abin da ban hango ba?"

Dubi abin da ka yi. Ka gaya masa girman abin, ka cire masa tsoron cewa rance za ka nema, ka ba shi zaɓi biyu, ka faɗi naka ra'ayin. Zai ɗauki ƙwaya ya ciza. Idan ta fashe da ƙara, waken ya bushe. Idan ta lotsa, zai ce ka ƙara shanya shi, domin wake mai danshi idan aka rufe shi a leda ruɓewa yake. Mai yiwuwa ya ƙara maka cewa buhun leda biyu ne a ciki da buhu ɗaya a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, kuma a yi maganin ɓera tun kafin a jera, don huda guda ta isa iska ta shiga ƙwari su farfaɗo. Cikin minti uku ka sami abin da wani ya yi asarar buhuna kafin ya sani. Ni ma PICS nake ba da shawara, duk da ya fi buhun da aka saba tsada nesa ba kusa ba, domin waken da aka cika wa magani mutane ne za su ci.

Idan ya amsa, ka yi godiya ka tashi. Kada ka ce "af, sai kuma wani abu." Tambaya ta biyu ka riƙe ta sai wani zuwan. Ka bar shi yana ganin zamanku ya yi gajarta. Kuma ka rubuta abin da ya faɗa da zarar ka fita, domin ba abin da ke sa babban mutum ya janye kamar a sake yi masa tambayar da ya amsa makon jiya.

Mataki na shida: ka aikata, ka koma da labari. Yawancin yara sukan karɓi shawara su ɓace, sai wata matsalar ta taso a sake ganinsu. Kai bayan wata ɗaya ka leƙa ka ce, "Alhaji, na ƙara shanya waken kwana biyu kamar yadda ka ce, na ɗaure, ya zuwa yanzu lafiya lau." Ba tambaya, ba roƙo. Idan ba ka bi shawararsa ba, ka faɗa masa da dalilinka cikin ladabi, kada ya ji a bakin wani. Wannan komawar ita ke mayar da kai nasa. Mutum yana son ya ga maganarsa ta yi amfani, kuma a zuwa na uku ko na huɗu za ka ji da kansa yana cewa, "Kada ka sayar tukuna, ka jira in gaya maka."

Maganar waya. Kada ka kira sai ya ce ka riƙa kira. Kada ka yi masa filashin. Saƙon murya na WhatsApp kada ya wuce rabin minti, ka fara da sunanka da na wanda ya kai ka, domin lambobin da ke wayarsa ba sa ƙirguwa. Kada ka aika "Salam" kaɗai ka zauna jiran amsa. Ka kuma cire shi daga jerin waɗanda kake tura wa hotunan barka da Juma'a. Idan bai amsa ba, ka bar shi mako guda, ka tuna masa sau ɗaya, shi ke nan.

Me za ka ba shi? Ba ya bukatar kuɗinka, kuma babbar kyauta tana sa shi zargin akwai babbar bukata a bayanta. Ɗan goro ko kwalbar turare da Sallah ya wadatar. Abin da ya fi wannan daraja shi ne labari da hidima. Idan ka je kasuwar ƙauye, ka kawo masa farashin ranar. Idan kana da hannu a lissafi ko a waya, ka taya shi abin da ke ba shi wahala. Idan an yi masa rasuwa ko haihuwa, a gan ka.

Yadda za ka gane ka fara yawa. Yana amsa gaisuwarka idonsa na kan littafin lissafi. Yana tura ka wurin yaronsa. Amsarsa ta koma "Allah ya sa albarka" kawai. Idan ka ga haka, ba faɗa ba ne, ka ja baya wata biyu. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Idan kuwa ya haɗa ka da yaronsa, kada ka ɗauka wulaƙanci ne, sau da yawa yaron ne ya fi sanin farashin yau. Yana kuma da kyau ka raba tambayoyinka tsakanin mutum biyu ko uku, wannan a kan ajiya, wancan a kan sufuri, amma kada ka kai maganar wani wurin wani.

Gargaɗin da na fi nanatawa shi ne wannan: kada ka nemi rance, kada ka nemi kaya bashi, kada ka roƙe shi ya tsaya maka a wurin wani, kuma kada ka yi ciniki da sunansa ba da izininsa ba. Ranar da ka yi ɗaya daga ciki, duk zuwan da ka yi a baya zai fassara shi da cewa share fage kake yi. Idan ya ga ka cancanci kaya bashi, shi zai fara furtawa. Ka shirya tambayarka guda ɗaya tun yanzu, ka kai ta kafin sabon wake ya shigo kasuwa.