Takardar Ɗan Haya Zuwa ga Mai Gida Idan Rufi Ya Yi Yoyo

Idan damina ta yi nisa, marka ta sauka a watan Agusta, ba a rasa jin ɗan haya da mai gida suna sa-in-sa a kan ɗakin da ke zuba, wannan yana cewa ya faɗa tun tuni, wancan yana rantsuwa ba wanda ya gaya masa. Mafi yawan irin wannan husuma, in ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, ɗan haya ne ke komowa hannu rabbana, domin kuwa duk abin da ke hannunsa maganar fatar baki ce, wadda aka yi a tsaye a ƙofar masallaci, ba takarda, ba shaida.

Kafin mutum ya ɗauki alƙalami, wajibi ne ya san iyakar haƙƙinsa, don kada ya nemi abin da shari'a ba ta ba shi ba. Jama'a da yawa suna zaton da zarar rufi ya zuba, tilas ne a sa mai gida ya gyara. A mazhabar Malikiyya, bisa ga abin da Shaihu Halil ya tafi a kai cikin Muhtasar, ba a tilasta wa mai bayar da haya gyara. Abin da ake yi shi ne a ba ɗan haya zaɓi idan cutarwa ta tabbata, kamar yoyon da ba ya yankewa, ko dai ya warware hayar ya tashi, ko kuwa ya zauna, in ya zauna kuma kuɗin haya ya hau kansa cikakke. Haka nan a kotunan da ke bin dokar Turawa, abin da aka fara dubawa shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla, a ga ko mai gida ya ɗauki alkawarin gyara, sa'an nan a tambaya yaushe aka sanar da shi, domin galibi ba a ɗora masa alhakin ɓarnar da ta auku kafin labari ya iske shi. Ashe ke nan takardar tana tsaye ne a kan abu biyu, alkawarin da aka yi da ranar da aka sanar. Wanda bai sa a rubuta masa sharaɗin gyara ran da ya karɓi mabuɗi ba, ya riga ya raunana hujjarsa, sai dai ya dogara da shaidun da suka ji alkawarin da kuma al'adar garin.

Sai kuma ya san ciwon rufin kansa, ya ambace shi da sunansa. Rufin kwano yakan zuba ta ramin ƙusar da ta saki, ko ta inda tsatsa ta ci, ko ta mahaɗar falle biyu da ba a ɗora su da kyau ba, kuma sau da yawa inda ruwa ke ɗiga a silin ba nan ne ɓular take ba, domin ruwa yakan bi katako ya gangara kafin ya faɗo. Soron ƙasa kuwa, ko dai yaɓe ya tsage, ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta a sama, wanda shi ne mafi haɗari, tun da azara tana iya ruɓewa rufin ya rufto. Saboda haka a kira kafinta ko magini ya hau ya duba, ya rubuta abin da za a kashe.

Bari mu ɗauki misalin wani malamin makaranta da ke hayar ciki da falo a Kano, mu ga yadda takardarsa za ta kasance, bayan ya sa adireshi da kwanan wata a sama.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina tunatar da kai cewa ran 10 ga Yuli na sanar da wakilinka, a gaban maƙwabcina, cewa rufin uwar ɗaka yana zuba ta kusurwar gabas, ya kuwa yi alkawarin turo kafinta, amma har yau ba wanda ya zo. Ran 6 ga Agusta da dare aka yi ruwa mai ƙarfi muna wajen ta'aziyya, silin ya ɓarke, ruwa ya lalata katifa, da rabin buhun shinkafa, da littattafaina. Kafinta ya duba, ya ce falle 4 ne tsatsa ta cinye, ya ƙiyasta aikin duka naira 48,000, ga takardarsa haɗe da hotuna. Bisa ga yarjejeniyarmu, gyaran rufi a wuyanka yake. Don haka ina roƙon a yi gyaran cikin kwana 14, ko kuwa ka ba ni izini a rubuce in yi, a cire daga kuɗin haya mai zuwa. Ina kuma neman diyyar kayana, katifa naira 35,000, shinkafa naira 30,000, littattafai naira 10,000, jimla naira 75,000. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ka ba, zan kai maganar gaban mai unguwa. Allah ya ƙara girma. Wassalam."

A lura da lissafin katifar, domin a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Malamin ya saye ta naira 60,000, ya kwanta a kanta shekara uku, don haka bai nemi kuɗin sabuwa ba, ƙimarta ta ranar da ta jiƙe ya nema, gama diyya mayar da mutum ake yi inda yake, ba a sa shi ya ci riba da musiba. Wanda ya cusa tsohuwar rediyon da ta mutu tun bara cikin lissafi, in aka kama shi a wannan guda ɗaya, sauran gaskiyarsa ma ta zama abin tuhuma, ban da nauyin cin haram. A lura kuma da ya faɗi inda yake a daren, domin tambayar farko da mai gida zai yi ita ce, tun da ka san wurin yana zuba, me ya hana ka janye kayanka? Tambaya ce mai ƙarfi ƙwarai, kuma wanda ya bar buhun hatsi ƙarƙashin ɗigo alhali yana gida yana kallo, da wuya alƙali ya saurare shi.

Abin da na fi ja wa ɗan haya kunne a kai shi ne kada fushi ya sa ya riƙe kuɗin haya, ko ya kira kafinta da gaban kansa yana tsammanin zai cire daga baya. Riƙe kuɗin yana mayar da mai ƙara ya zama wanda ake ƙara, har ya buɗe wa mai gida ƙofar ba shi notis. Gyara ba da izini ba kuwa, malaman fiƙihu suna ɗaukar mai yinsa tamkar wanda ya yi don ganin dama, ba lalle ne a mayar masa da abin da ya kashe ba. Wannan ne dalilin da malamin ya nemi izini a rubuce, ko da layi biyu ne a bayan takardar.

A rubuta takardar kofi biyu, a miƙa ɗaya hannu da hannu a gaban dattijo guda, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar, wadda ɗan haya zai adana tare da rasit ɗin haya. In ya ƙi sa hannu, dattijon nan ya rubuta cewa an miƙa an ƙi. Kayan da suka lalace kuma kada a zubar da su sai mai gida ya gani da idonsa, ko mai unguwa ya aiko an duba.