Darasi: Wasiƙar Neman Ƙiyasin Darajar Kayan Gado

A wannan darasi za ka koyi yadda ake rubuta wasiƙar hukuma zuwa ga kamfanin gwanjo. Kamfanin gwanjo wuri ne da ake sayar da kaya ga wanda ya fi kowa tayi. Kafin a sa kaya a gwanjo, masanin kamfanin yakan yi musu ƙiyasi, wato ya faɗi kuɗin da yake ganin za su kai.

Ka tuna cewa masanin bai taɓa ganin kayanka ba. Wasiƙarka ce idonsa. Saboda haka dole ka raba abubuwa uku: abin da ka gani da idonka, abin da ka ji daga bakin wasu, da abin da kake roƙo. Karanta wasiƙar da wata jikanya ta rubuta game da farantin kakarta.

Wasiƙa

(Adireshin marubuciya),
Lakwaja, Jihar Kogi.
12 ga Maris, 2024.

Manaja,
(Sunan kamfanin gwanjo),
Legas.

Ranka ya daɗe,

NEMAN ƘIYASIN DARAJAR FARANTIN TAGULLA

Na rubuto ne domin in nemi ku ƙiyasta mini darajar wani farantin tagulla da kakata ta bari. Ta rasu bara. Ba a raba gado ba tukuna, kuma magada sun wakilta ni in nemo wannan bayani.

Farantin zagayayye ne. Na auna faɗinsa, santimita 46 ne, nauyinsa kuma kilo ɗaya da rabi. A tsakiyarsa akwai zanen fure, kuma layuka uku na ƙananan ganyaye sun kewaye furen. Ganyayen ba su zo daidai da juna ba, wasu sun fi wasu girma. A bayansa ana ganin sawun guduma. Babu suna ko hatimi a jikinsa. Na kara masa maganaɗisu, bai kama ba.

Farantin yana da lahani biyu. Ya lotsa a baki, kuma akwai tsaga mai tsawon santimita 2 kusa da wurin. Launinsa ya dushe, amma ban goge shi ba.

Mahaifiyata ta ce kakanmu ne ya sayo shi a Bida lokacin aurensu, wajen shekarar 1958. Ba mu da rasit. Sai dai muna da wani tsohon hoto na bikin suna, inda ake ganin farantin cike da goro.

Ina roƙon ku sanar da ni abubuwa uku. Na farko, nawa kuke ganin zai kai a gwanjo? Na biyu, ana biyan kuɗin ƙiyasi? Na uku, nawa ne la'adarku idan magada suka yarda a sayar? Na haɗo hotuna biyar: gaba, baya, zanen daga kusa, wurin tsagar, da kwafin tsohon hoton.

Na gode.

Taka mai biyayya,
(Sa hannu)
(Cikakken suna)

Nazarin Wasiƙar

Da farko, dubi abin da marubuciyar ta gani da kanta. Ba ta ce farantin babba ne ko kyakkyawa ba, domin waɗannan kalmomi ba su gaya wa masani komai. Ta ba shi awo. Ta kuma ambaci sawun guduma da bambancin ganyaye, saboda alamu ne na aikin hannu. Zanen da inji ya buga yakan fito iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Me ya sa ta kara maganaɗisu? Tagullar da ake irin wannan faranti da ita haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Da ya kama, to, mai yiwuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Amma wannan gwaji yana da iyaka. Ba ya nuna shekarun faranti, ba ya kuma nuna garin da aka ƙera shi.

Ta faɗi lahanin farantin, ba ta ɓoye ba. Wanda ya ɓoye tsaga kansa ya cuta, domin ranar da masani ya riƙe farantin a hannu zai rage kuɗin da ya faɗa. Haka kuma ba ta goge shi ba. Guga mai ƙarfi tana cinye zane, kuma masu sayen tsofaffin kaya sukan fi son launin da shekaru suka bari.

Na biyu, dubi abin da ta ji. Bida gari ne na Nufawa a Jihar Neja, wanda ya shahara da ƙirar tagulla. Duk da haka ba ta rubuta “An ƙera shi a Bida a 1958” ba. Ta rubuta “Mahaifiyata ta ce”, ta kuma sa kalmar “wajen” kafin shekarar. Ta haka masani zai gane cewa labari ne na gida, ba hujja ba. Tsohon hoton kuwa shaida ce cewa farantin ya daɗe a hannun iyalin.

Na uku, dubi roƙonta. Ta nemi ƙiyasi, ba ta ce za ta sayar ba, domin farantin na magada ne duka. Masani yakan ba da adadi biyu, na ƙasa da na sama. Wannan ba alkawari ba ne, masu tayi ne za su yanke farashi ranar gwanjo. Daga kuɗin kuma kamfani zai cire la'adarsa.

Akwai dalilin da ya sa shekarar ƙira take da nauyi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Irin waɗannan ba a sayar da su ga kowa sai wakilin da aka amince da shi, ba a kuma fitar da su daga Nijeriya sai da izini. Idan kana zaton kayanka sun kai haka tsufa, ka tuntuɓi hukumar tukuna.

Ma'anar Kalmomi

jikanya: 'yar ɗanka ko 'yar 'yarka; namiji kuwa jika
magada: waɗanda suke da rabo a dukiyar mamaci
lotsa: dannuwa ciki saboda bugu
dushe: rasa haske
la'ada: kason da ake ba wanda ya sayar maka da kaya

Tambayoyi

1. Wane ne ya wakilta marubuciyar?
2. Kawo alamu biyu da suke nuna aikin hannu.
3. Me gwajin maganaɗisu ba zai iya nunawa ba?
4. Mene ne bambancin “Na auna” da “Mahaifiyata ta ce”?

Aiki

Zaɓi wani tsohon abu a gidanku. Auna shi, ka tambayi manya tarihinsa. Sannan ka rubuta wasiƙar neman ƙiyasi mai sakin layi huɗu. Ja layi ɗaya a ƙarƙashin abin da ka gani, layi biyu a ƙarƙashin abin da ka ji.