Awon Famfon Feshi da Fassarar Takardar Maganin Ƙwari: Darasi Daga Gonakin Wake na Mubi

A ƙasar Mubi ta Jihar Adamawa, wake yana cikin amfanin gonar da ƙwari suka fi yi wa ɓarna, tun daga lokacin fure har zuwa lokacin da ƙwaya za ta cika. Saboda haka manoma da yawa sukan sayi magani su yi feshi da famfon goyo. Amma takardar da ke manne a jikin kwalbar da Turanci ake rubuta ta, wadda kuwa ta shigo ta kan iyakar Kamaru takan zo da Faransanci. Ban da wannan kuma, takardar tana magana da hekta da lita, shi kuwa manomi da tanki yake lissafi. Manufar wannan darasi ita ce a juya maganar takarda ta koma awon da za a iya aiki da shi a bakin gona.

Abin da takarda take nufi

A ce takardar wani magani ta nuna 1 L/ha. Ma'anarsa, lita ɗaya ta magani za a baza a kan hekta ɗaya. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. Hekta kuwa fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kimanin eka biyu da rabi. Aikin ruwan da ake zubawa a tanki shi ne ya ɗauki maganin ya baza shi kawai. Don haka ba za a san yawan maganin da ya dace da tanki guda ba sai an san tanki nawa mai feshi yake ƙararwa a hekta. Wannan kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon saurin tafiyarsa, da ƙarfin bugun famfonsa, da irin bakin feshin da ya ɗaura.

Yadda ake awon famfo

Da ruwa zalla ake yin awo, ba a sa magani ko kaɗan.

1. A auna fili a cikin gonar da za a fesa, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a kafa turaku a kusurwoyi huɗu. Wannan fili kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta.

2. A ajiye famfo a wuri mai daidai, a cika shi da ruwa har zuwa layin awo na sama.

3. Wanda zai yi ainihin feshin shi ne zai goya famfon, ya fesa filin duka da tafiyar da ya saba, ba gaggawa ba nawa.

4. A mayar da famfo inda aka cika shi, a ƙara ruwa da kwalba mai awo har ya koma kan layi, a rubuta yawan ruwan da aka ƙara.

5. A maimaita sau uku, a ɗauki matsakaici, sa'an nan a ninka shi sau 100. Abin da ya fito shi ne ruwan da hekta guda za ta sha.

Misali

Wani manomi a gefen Kogin Yedzaram yana da famfo mai cin lita 16. Da ya yi awo, sai ya tarar filin gwaji ya sha lita 2. Ashe hekta za ta sha lita 200. In aka raba 200 da 16, za a sami tanki goma sha biyu da rabi. In kuma aka raba mililita 1,000 na magani a kan waɗannan tankuna, kowane tanki zai sami mililita 80. Gonarsa rabin hekta ce, saboda haka tanki shida da rubu'i za su ishe shi, kuma rabin kwalbar lita ɗaya zai rage. In ya gama ya ga kwalbar ta kusa ƙarewa, ko kuwa ba ta kai rabi ba, to akwai kuskure a tafiyarsa ko a famfonsa.

Maƙwabcinsa mai saurin tafiya ne, filin gwajinsa lita ɗaya da mililita 600 ya sha. Hektarsa za ta ci lita 160, wato tanki 10, kuma kowane tanki yana bukatar mililita 100. In ya ari awon maƙwabcinsa na 80, mililita 800 kaɗai za su sauka a hektar. Tsutsar da ke huda fure da kwanson wake za ta tsira, shi kuwa ya ce an sayar masa da jabu. Wani kuma bakin feshinsa ya cinye, ramin ya buɗe, har hekta tana cin tanki 15. In ya zuba 80 a kowane tanki, ya kashe mililita 1,200: ya yi asarar kuɗi, ya kuma ƙara guba a kan abinci. Saboda haka duk lokacin da aka sake bakin feshi, ko mai feshi, ko wake ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, wajibi ne a sake awo.

Kada a auna magani da murfin kwalba ko gwangwanin madara, domin girmansu ba ɗaya ba ne. A nemi kofi mai layin mililita ko babban sirinji, a keɓe shi don wannan aiki kaɗai.

Gargaɗin da ke jikin takarda

A gindin takarda akwai zane mai launi da ke nuna ƙarfin guba. Ja shi ne mafi haɗari, bai kamata ƙaramin manomi ya yi aiki da shi ba. Rawaya yana biye, sai shuɗi, sai kore. Ko da kore ne, sai an yi hattara. Ƙananan hotunan da ke cikin zanen umarni ne: safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe fuska, su ne za a sa musamman lokacin haɗa magani, domin a sa'an nan yake da cikakken ƙarfinsa. Hoton kifi yana hana wanke famfo a kogi ko tafki. A duba kuma lambar rajistar Hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma kwanakin jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. In takarda ta ce kwana 14, aka yi feshi ranar Talata, ba za a tsinki ɗanyen wake ba sai Talata ta biyu ta zagayo. A cikin waɗannan kwanaki kada a ɗebi ganyensa don miya, kada kuma a yanka wa dabbobi harawa sai an duba abin da takarda ta ce game da kiwo.

A yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta, kada mutum ya fuskanci iska. In bakin feshi ya toshe, a wanke shi da ruwa da ɗan buroshi mai laushi. Kada a hura shi da baki, kada a soka masa allura. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin tanki, a huda ta don kada a zuba mata mai ko ruwan sha.

In guba ta kama mutum

Alamunta sun haɗa da ciwon kai, da jiri, da yawan zufa, da dalalar miyau, da amai, da gani dishi-dishi. A fitar da shi daga gona, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi madara ko manja, kada a tilasta masa amai. A gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar, domin sunan maganin da ke jikinta shi zai nuna wa likita abin da zai yi.

Manomin da bai iya karanta takardar ba ya kai kwalbar wurin malamin gona na yankinsa, su yi lissafin tare, ya rubuta awon tankinsa a jikin famfon.