Yadda Ake Nema wa Ɗalibi Ƙarin Lokaci a Jarrabawar GCSE

Idan ɗanku na fama da disleksiya, wato wahalar karatu da haɗa baƙi, kuma zai zauna jarrabawar GCSE a Ingila, ku sani makaranta ce ke nema masa sauƙi bisa ƙa'idojin hukumar JCQ. Ku fara da malamin da ke kula da masu buƙata ta musamman, tun shekarar farko ta kwas ɗin.

Takardar likita kaɗai ba ta wadatarwa. Ƙwararren da makaranta ta amince da shi zai auna saurin karatun yaron da rubutunsa. Idan makinsa ya gaza mizani, akan ƙara masa kashi 25 cikin ɗari, wato jarrabawar awa biyu ta koma awa biyu da rabi. Keɓe ɗaki kuwa makaranta ce ke yanke hukunci, kuma sau da yawa ƙaramin ɗaki ne da ɗalibai kaɗan, mai sa ido yana zaune.

Sharaɗin shi ne ya kasance haka yaron ya saba aiki a aji da gwaje-gwajen makaranta. Wanda ya bari sai jarrabawa ta ƙarato yakan tarar ba shi da wannan shaida. Don haka ku nemi ganin malamin tun zangon farko.