Haya, wuta da albashin manya: yadda za ku raba, da abin da ba za ku kuskura ba

Wannan magana ga ku take, akantoci da shugabannin ƙananan ƙungiyoyin da ke hayar gida ɗaya a Ƙofar Marke da kewayenta, alhali ayyuka biyu ko uku kuke gudanarwa da kuɗin masu tallafi daban-daban. Mai gida rasit ɗaya yake ba ku. Kamfanin wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa, mita ɗaya ya sa muku. Shugabar ofis albashi ɗaya take ɗauka. Amma kowane mai tallafi yana so ya san nasa rabon, kuma yana da haƙƙin ya sani.

Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Ƙungiya ce mai ayyuka uku: na yara masu tamowa, na karatun 'yan mata, da na rijiyoyin burtsatse. Ma'aikata ashirin: huɗu a tamowa, goma a karatu, shida a ruwa.

Kada ku raba bisa wanda ya fi kuɗi a asusu.

Wannan shi ne laifin da ya fi yawa, kuma shi ya fi muni. Mai gida ya aiko, asusun tamowa ne ke da kuɗi a wannan mako, sai a ce a cire daga can, daga baya a daidaita. Wannan "daga baya" ba ta zuwa. Abin da ya faru a zahiri shi ne kuɗin da aka bayar domin yaro mai tamowa ya biya wa aikin burtsatse wurin zama. Ko ba wanda ya sa sisi a aljihunsa, an ci amanar mai tallafi. Kada kuma ku fake da raba daidai, kowa kashi ɗaya cikin uku, don ya fi sauƙi. Aikin da ya cika ɗakuna uku da wanda yake da tebur biyu ba za su biya haya ɗaya ba. Abin da ke yanke rabo shi ne amfanin da kowane aiki ya yi da abin, ba girman aljihunsa ba.

Ku fara cire abin da aiki ɗaya ne kaɗai ya ci.

Kafin a yi maganar rabo, a tace. Idan an kama wani shago a waje domin ajiye bututu da siminti, na aikin ruwa ne gaba ɗaya. Idan an ɗauki mai gadi na biyu saboda kayan tamowa, na tamowa ne. Abin da ya rage bayan tacewa, wanda ba za a iya nuna mai shi da yatsa ba, shi kaɗai ke shiga rabo.

Haya: ku auna ɗakuna da awo, ba da ido ba.

Ku ari tef ɗin awo wajen magini, ku auna kowane ɗaki, ku zana gidan a takarda, a rubuta wanda ke zaune a ko'ina. A misalinmu, haya naira 2,400,000 ce a shekara, wato 200,000 a wata. Filin da ayyukan suka mallake shi ne murabba'in mita 120: tamowa 60, domin rabin wannan sito ne na katon-katon na abincin yara, karatu 36, ruwa 24. Wato kashi 50, 30 da 20 cikin ɗari. Zaure, banɗaki, ɗakin taro da ofishin shugaba ba na kowa ba ne, don haka ba sa shiga lissafin kaso; suna bin wannan rabon ne kawai. Tamowa za ta biya 100,000 a wata, karatu 60,000, ruwa 40,000.

Yanzu ku dubi abin da zai faru da an raba hayar bisa yawan ma'aikata. Tamowa mai mutum huɗu za ta biya 40,000 kacal, karatu mai mutum goma ta biya 100,000, ruwa 60,000. Naira 60,000 kowane wata, wato 720,000 a shekara, ta sauka daga kan tamowa ta hau kan sauran biyun, saboda sito ba ya cikin jerin ma'aikata. Duka lissafin biyu sun cika 200,000, ba wanda ya ɓata a tarawa, amma ɗaya ne ya yi adalci a wannan gida. Yawan ma'aikata yana iya zama ma'aunin haya a ofishin da kowa tebur da kujera kawai yake da su. Inda akwai sito ko ɗakin horo, ba zai yi ba.

Kada ku ɗora hayar shekara a watan da aka biya ta.

A garuruwanmu haya ta shekara ce, wani lokaci ma ta shekara biyu. Ku rubuta ta a matsayin kuɗin da aka biya gaba, ku riƙa sauke 200,000 wata-wata. Aikin da zai ƙare a Maris ba shi da alhakin hayar Disamba.

Wuta: ku haɗa kuɗin mita da man janareta da gyaransa wuri ɗaya.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wuta ta daina zama ƙaramin layi a kasafi. A wasu watanni tana wuce haya. Don haka kada a bar ta a hannun zato.

A ce katin mita da mai da sabis ɗin janareta sun kama 300,000 a wata. A sitonmu akwai na'urar sanyaya ɗaki, domin abincin yaran ba ya son zafi, kuma kun san yadda Sakkwato take daga Maris zuwa Mayu. Ku duba jikin na'urar, akwai ƙarfinta a rubuce. Idan kilowat 1.5 ce, tana aiki awa takwas kullum, a kwana talatin ta sha yunit 360. A kan naira 200, misali, 72,000 ke nan, kuma na tamowa ne kai tsaye. Sauran 228,000 na fanka, fitilu, kwamfutoci da firinta, a nan ne yawan ma'aikata ya dace, domin mutane ne ke kunna su: tamowa 45,600, karatu 114,000, ruwa 68,400. Jimillar tamowa ta zama 117,600.

Wannan ƙiyasi ne, kuma yana da iyaka: yunit ɗin janareta ya fi na mita tsada nesa, don haka idan na'urar ta fi aiki lokacin da babu wuta, 72,000 ta yi kaɗan. Maganinsa ƙaramar mita ta daban a kan layin sito, da littafi a rataye kusa da janareta, inda mai gadi zai rubuta lokacin kunnawa, lokacin kashewa da litar da aka zuba. Ofishin da ba shi da wannan littafi ba rabo kaɗai ya rasa ba, bai ma san inda mansa ke tafiya ba.

Albashin shugaba: takardar lokaci, ba kason da aka rubuta a kasafi ba.

Nan ne aka fi jin nauyi, domin akanta yaro ne a gaban Hajiya ko Alhaji, ba ya iya cewa a cike takarda. To, dole a cike. Kasafi ya ce shugaba za ta ba tamowa rabin lokacinta. Wannan niyya ce da aka yi kafin a fara aiki. Abin da za a caji mai tallafi shi ne lokacin da aka bayar da gaske.

A ce albashin shugaba da duk abin da ƙungiya ke biya a kansa, har da kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ya kama 600,000. A watan ta yi awa 160: 64 a tamowa, 40 a karatu, 24 a ruwa, 32 kuma a rubuta neman sabon tallafi da zaman kwamitin amintattu. Tamowa 240,000, karatu 150,000, ruwa 90,000. Sauran 120,000 ba na aikin kowa ba ne, kada ku watsa shi a kansu a ɓoye. Fansho da haraji su bi kason da albashin ya bi.

Mai binciken kuɗi yana gane takardar da aka cike ranar da aka ji zai zo. Biro ɗaya daga Janairu zuwa Disamba, kowane wata kaso iri ɗaya ba ragi ba ƙari, awa takwas a ranar Babbar Salla, ko kuma ranar da takarda ta ce shugaba tana ofis alhali baucar alawus ta nuna tana Gwadabawa. A cike kowane mako, mai takarda ya sa hannu, na sama da shi ya sa. Ta shugaba kuwa, wani daga kwamitin amintattu ya sa.

Kada jimillar kason mutum ɗaya ta wuce ɗari.

Hamsin a nan, arba'in can, talatin a wancan: an sayar da mutum ɗaya kashi 120. Kowane mai tallafi rahotonsa kaɗai yake gani, shi ya sa abin ke daɗewa bai fito ba. Ku ajiye shafi ɗaya da ya haɗa dukkan ayyukan, da ɗaki guda mai tona kuskure, wanda dole ya nuna sifili, inda B1 ke ɗauke da cikakken albashin mutumin, C3 zuwa C6 kuma ke ɗauke da rabon ayyukan uku da na ƙungiya:

```
=B1-SUM(C3:C6)
```

Kada ku karɓi kuɗi biyu a kan abu ɗaya.

Wasu masu tallafi suna ba da kaso tsayayye domin hidimar ofis. Tarayyar Turai ta saba ba da har kashi 7. Dokar tallafin gwamnatin Amurka, 2 CFR 200, ta ɗaga nata daga kashi 10 zuwa 15 a Oktoban 2024. Idan wannan kason ne ke ɗauke da albashin akanta, kada albashin ya sake bayyana a matsayin kuɗin aiki kai tsaye. Ku karanta yarjejeniya kafin ku rubuta bauca ta farko.

Ku rubuta ƙa'idar, a sa mata kwanan wata, kuma mudu ɗaya ga kowa.

Shafi biyu ya isa: wane kuɗi, wane ma'auni, wace shaida, wa zai duba. Kwamitin amintattu ya amince. Kada a auna wa mai tallafi mai tsanani da awon ɗaki, a auna wa mai sassauci da yawan ma'aikata. A bayan kowace bauca a maƙala lissafin rabon, a buga wa asalin rasit hatimi da ke nuna nawa kowane aiki ya ɗauka, don kada rasit ɗaya ya yi yawo fayil uku a matsayin cikakke. A sake duba ma'aunin duk wata uku, ko ranar da aka sauya ɗaki ko aka ƙara ma'aikata.

Idan aiki ɗaya ya tsaya, kada ku juye kasonsa a kan saura.

A Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ƙungiyoyi da yawa a arewacin Najeriya sun wayi gari da ɗakunan da ba mai biya. A misalinmu, idan tamowa ta tsaya, 100,000 ta haya ta zama marainiya. Sito da ya zama kango bai amfani aikin karatu da komai ba, don haka ba za a ce karatu ta koma biyan 120,000 ba. Kasonta na zaure da ofishin shugaba zai iya ɗan hawa, shi ma sai an sake lissafi, an rubuta wa mai tallafi, ya amsa a rubuce. Kuɗin ɗakunan da suka zama wofi daga asusun ƙungiya zai fito. Idan babu, ku zauna da mai gida tun kafin lokacin sabunta haya ku mayar masa da ɓangaren, ko ku nemi izininsa wata ƙungiya ta shiga ta biya.