DARASIN KASUWANCI: Wasiƙar Neman Jari Daga Mai Ƙirƙirar Wasan Wasa Ƙwaƙwalwa

A kasuwar wasannin na'ura mai ƙwaƙwalwa akwai mutanen da ke aiki su kaɗai a ɗaki guda, su tsara wasa, su zana hotunansa, su rubuta manhajarsa. Da yawansu kuɗi kan ƙare musu tun aiki bai kai rabi ba. A nan ne sukan rubuta wasiƙa zuwa ga ƙananan kamfanonin wallafa wasanni, suna neman a ba su kafin alƙalami, kamfanin kuma ya mai da kuɗinsa daga ciniki.

Irin wannan haɗin gwiwa ya sha haifar da ɗa mai ido. Wani Ba'amurke mai suna Jason Roberts ya shafe shekaru yana zana wasansa mai suna Gorogoa da hannu, kafin kamfanin Annapurna Interactive ya fitar da shi a shekarar 2017. Sai dai kamfanoni na karɓar wasiƙu fiye da yadda za su iya ɗauka, kuma wadda ke tsallake siraɗi ita ce wadda ta amsa tambaya guda: kwafi nawa za a sayar kafin uwar kuɗi ta dawo?

Abin da wasiƙar ta ƙunsa

Wasiƙar ba ta wuce shafi guda. Jimlar farko takan bayyana dokar da wasan ya ginu a kanta, domin wasan wasa ƙwaƙwalwa dokarsa ce hajarsa. Wasan Baba Is You, wanda Arvi Teikari na ƙasar Finland ya fitar a 2019, misali ne mai kyau: dokokin wasan kalmomi ne da ke kwance a fili, mai wasa yana tura su yana canza dokar da kansa. Wanda ya kasa faɗin tasa dokar a jimla ɗaya irin wannan, da wuya kamfani ya san yadda zai tallata ta.

Abu na biyu shi ne samfurin da za a iya bugawa. Hoto ba ya nuna daɗin warware matsala, don haka wajibi ne a haɗa da adireshin da za a sauke wasu matakai na wasan da aka kammala. Ya kamata marubucin ya faɗi mutum nawa suka gwada samfurin da kuma matakin da suka fi maƙalewa, domin hakan na nuna cewa baƙi sun taɓa wasan, ba 'yan uwa da abokai kaɗai ba.

Abu na uku shi ne adadin kuɗin da ake nema da wa'adin kammala aiki. A nan ne yawancin wasiƙu ke faɗuwa, musamman masu cewa "duk abin da ya sauwaƙa". Mai neman jari da bai san adadin da yake buƙata ba ya nuna tun farko cewa bai san tsawon aikinsa ba.

Lissafi a aikace

A ƙaddara wani mai ƙirƙira yana neman dalar Amurka 60,000 domin aikin wata 12. Alkaluman na misali ne kawai. Ya ware dala 30,000 don ci da sha da haya, wato 2,500 a kowane wata. Ya ware 12,000 ga mai zane, 6,000 ga mai kiɗa, 6,000 don gwaji da fassara, sannan 6,000 na ko-ta-kwana. Kamfanin kuma zai kashe dala 20,000 wajen talla, wanda sau da yawa shi ma ana cire shi daga ciniki. Ke nan abin da za a mayar ya zama dala 80,000, ba 60,000 ba.

An sa farashin wasan dala 15 a kasuwar Steam. Amma bayan rangwame, da ƙananan farashin da ake yi wa wasu ƙasashe, da haraji, a ɗauka abin da ke shigowa kan kowane kwafi dala 10 ne. Steam na cire la'adar kashi 30 cikin 100, saura dala 7. Idan aka raba 80,000 da 7, za a ga ana buƙatar sayar da kwafi kusan 11,430 kafin kamfanin ya fita kuɗinsa.

Wannan adadi ne ya kamata wasiƙar ta fuskanta kai tsaye. Marubucin zai kawo wasanni biyu ko uku masu girma da farashi irin nasa, waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan, ya nuna cewa wannan ciniki mai yiwuwa ne. Kuskuren da aka saba yi shi ne kwatanta wasa da Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a shekarun 1980. Kamfani ya san irin wannan nasara ba a gina kasafin kuɗi a kanta.

Inda rabon ke bambanta

Wasiƙar farko ba yarjejeniya ba ce, amma mai hankali yakan nuna irin rabon da yake so. A tsari na farko, kamfani na kwashe duk cinikin har ya mai da dala 80,000, sannan a riƙa raba saura biyu daidai. A tsari na biyu, kamfani na ɗaukar kashi 80 cikin 100, mai ƙirƙira na ɗaukar kashi 20 tun daga kwafin farko, sai kuɗin kamfani sun dawo a koma rabi da rabi.

Idan an sayar da kwafi 20,000, kuɗin da za a raba dala 140,000 ne. A tsari na farko mai ƙirƙira zai tashi da 30,000, a na biyu kuwa 40,000. Idan kasuwa ta yi sanyi aka tsaya a kwafi 8,000, a tsari na farko ko sisi ba zai gani ba, alhali a na biyu yana da dala 11,200 da zai riƙe kansa yana gyaran kurakuran wasan. Wannan ita ce hujjar da zai gabatar: wasan da mai shi ya bari ya tafi neman wani aiki, kamfani ma ya yi asara.

Haɗarin da ya kamata a ambata

Steam na mai wa mai saye kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 kuma bai buga wasan ya kai sa'a biyu ba. Saboda haka gajeren wasan da ake gamawa a zama ɗaya, ko wanda matakansa na farko suka yi tsauri har mutum ya gaji, yana cikin haɗarin dawo da kaya. Wasiƙa mai kyau takan faɗi yawan matakan wasan da sa'o'in da ake ɗauka kafin a ƙare shi.

Haɗari na biyu shi ne mutumin kansa. Idan ya kwanta rashin lafiya, aiki ya tsaya cak. Shi ya sa kamfanoni kan biya kuɗin kashi-kashi, bayan kammala kowane zango na aiki. Marubucin da ya riga ya raba watanninsa 12 gida huɗu, ya faɗi abin da zai miƙa a ƙarshen kowanne, ya sauƙaƙa wa kamfani shawara.

Daga ƙarshe, wasiƙar ta bayyana ƙarara cewa haƙƙin mallakar wasan yana nan hannun mai shi, kamfani izinin sayarwa kawai zai samu na wasu shekaru da za a ƙayyade. Wanda ya yi shiru kan wannan a wasiƙar farko, zai same shi a takardar yarjejeniya yadda lauyan kamfani ya ga damar rubutawa.